Takardar Auta ga Iyayen Aji Huɗu

Ni na koya wa Auta riƙe alli. Da wannan nake so in fara, don duk mai ba da labarinta a makarantarmu nan ne wurin da yake tsallakewa. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, na ba ta shekara bakwai, ni na goye ta, ni na yi mata tsarki, ni kuma na yi ta sintiri ofishin Hedimasta har aka ɗauke ta aiki. Yau shekarata goma sha tara ina koyarwa, ita tana cikin ta goma sha ɗaya. Amma ka tsaya bakin get da safe ka nuna ni, ka tambayi iyayen yara wace ce waccan doguwar. Ce maka za su yi, "Ai yayar Malama Dalla-dalla ce." Duk ranar da na ji wannan, sai na yini raina a ɓace.

Sunan bai faɗo mata daga sama ba. Babanmu mai gyaran agogo ne, shagonsa bai fi girman ɗakin girki ba, kuma tun tana 'yar shekara biyar take zama gefen teburinsa tana jera masa ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. In ya kwance agogo sai ta ƙirga abin da ya fito, in ya haɗa ta ƙirga abin da ya koma. Ranar da ɗaya ya yi saura ba za ta bar shi ya tashi ba. Ni da nake share shagon, in ɗebo ruwa, in kai agogon mutane gidajensu, ban taɓa jin Baba ya ba wani labarina ba. Labarin Auta kuwa har masu kawo gyara sun haddace shi. Innarmu ma, in cokali ya ɓata a gida, ba ta nema, sai dai ta ce a tambayi Auta.

Haka ta girma. Gajera ce, muryarta ba ta da ƙarfi, ba ta iya tsawa ba, kuma ba ta yarda da "haka ake yi". Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu ba ya gari, ita ke fama da 'ya'ya uku, amma ban taɓa ganin ta makara ba. Jakarta ɗaya ce shekara da shekaru, baƙa, hannun ya tsinke ta ɗinke da zare mai ruwan ƙasa. A ciki akwai rula, biro ja da shuɗi, da rajistar ajinta wadda ta yi wa riga da takardar kalanda. Mu sauran malamai muna barin tamu a ofis. Ita tana tafiya da tata gida kamar jaririya.

Aji huɗu a makarantarmu kashi biyu ne, ɗaya nawa ɗaya nata, bango ɗaya ya raba mu. Bangon bai kai rufi ba, don haka ina jin duk abin da ake yi a can. Ina jin yadda take kiran suna da safe, a hankali, in yaro bai amsa ba ta tsaya ta tambayi wa ke kusa da gidansu. Ina jin yadda yaranta ke dariya ba tare da ta ɗaga murya ba, alhali ni kafin ƙarfe goma maƙogwarona ya bushe.

To, akwai garkuwa. Katako ne da aka goge da man fenti, da ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya a tsakiya. Duk zangon karatu, ajin da yaransa suka fi zuwa makaranta shi ake ba, a rataye a saman ƙofarsa har zango ya ƙare. Ba kuɗi a ciki, ba ƙarin girma. Kafinta ne ya bi kowace ƙofa ya kafa ƙusa, don kowa ya sa rai. Auta ta ci sau biyar. Ƙusar ƙofata tsatsa ta ci, ba abin da aka taɓa rataya mata sai lemar wani yaro. Kullum na wuce ƙofarta na ga katakon nan yana sheƙi, sai in kau da kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, hassada ce, kuma na san sunanta tun a lokacin.

Wani abin da ya ƙara mata farin jini shi ne takardar da take aika wa iyaye farkon kowane zango. Ba wanda ya sa ta. Mu dai lamba ɗaya muke miƙa wa Hedimasta, ya karɓa ya rubuta a littafinsa, shi ke nan. Ita sai ta zauna ta bayyana wa iyaye yadda lambar ta samu, kamar wadda za a kai kotu. Na sha ce mata, "Auta, wa ya aike ki? Mutanen nan rabinsu takardar ma ƙunshe kaya za su yi da ita." Sai ta ce, "Yaya, 'ya'yansu ne. Gara su gani."

Zangon da nake ba ku labari, kwana sittin aka buɗe makaranta. Na fara da yara arba'in. Uku daga cikinsu 'ya'yan ma'aikatan da suka zo gina gada ne, da aikin ya ƙare iyayen suka kwashe su, rana ta arba'in ce ranarsu ta ƙarshe. Na ja dogon layi a sauran gurabensu a rajista, na manta da su. Ƙarshen zango na haɗa jimillar zuwa ta mako-mako, na samu 2,142. Na dubi yawan yaran da ke gabana, talatin da bakwai, na ninka da sittin, ya ba ni 2,220. Na raba, na ninka da ɗari. Kashi 96.5.

Na dubi lambar nan na sake dubawa. A raina na san yarana ba su zo haka ba, don ina tuna safiyoyin da benci biyu ke zama wayam. Amma haka nake lissafina tun da na fara aiki, kuma lamba mai daɗi ba ta sa mutum ya sake bincike. Na miƙa.

Satin farko na sabon zango, a taron safe, Hedimasta ya karanta sakamako. Auta 92.5, ita ce ta biyu, sauran azuzuwa ba wanda ya kai 91. Sai ya kira ajina da 96.5, ni ce ta ɗaya. Da kaina na hau benci na rataya garkuwar, tsatsar ƙusar ta zubo mini a ido ban ko damu ba. Auta ta zo ta rungume ni ta ce, "Barka, Yaya." Na leƙa fuskarta ina neman ɗan ɓacin rai ko yaya yake, ban samu ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Da na tsaya nan, da katakon ya ƙare zangon a ƙofata. Washegari na shiga ofis na tarar da takardun Auta an buga an jera a kan tebur, na zari ɗaya na sa a jaka. Ga abin da ta rubuta:

"Zuwa ga iyayen yaran ajina. Bayan gaisuwa, ga yadda zuwan yara ya kasance a zangon da ya wuce, da yadda na yi lissafin.

An buɗe makaranta kwana 60. Kowace safiya ina kiran suna sau ɗaya. Wanda ya zo in ja masa ɗan layi, wanda bai zo ba in yi masa da'ira.

Yara 38 suna cikin ajin tun daga farko har ƙarshe. Da ba wanda ya yi fashi, da zuwansu ya zama 38 sau 60, wato 2,280. Wasu yara 2 sun shigo saura kwana 20 a rufe. Ban ɗora musu kwanakin da ba su riga sun zama 'yan ajin ba, don haka nasu 2 sau 20 ne, wato 40. Yaron da ya shigo ko ya bar aji a tsakiyar zango, kwanakin da sunansa ke cikin rajista kawai ake ƙirga masa. Jimillar zuwan da zai yiwu ke nan 2,320.

Na ƙirga layukan zuwa, na samu 2,146. Na ƙirga da'irorin fashi, na samu 174. In kun haɗa biyun za ku ga sun ba da 2,320, da haka nake gane ban yi kuskure ba.

Sai na raba 2,146 da 2,320, na ninka da 100, ya ba da 92.5. Ma'ana, a duk zuwa ɗari da ya kamata a yi, an yi casa'in da biyu da rabi. Wanda yake son ganin layin ɗansa, rajista tana wurina."

Na karanta na ce a raina, to, mai 92 ma ta yi shela, ni mai 96 in yi shiru? Na zauna na rubuta tawa. Na sa sakataren ofis ya buga mini a takarda mai kauri, lambar 96.5 da manyan baƙaƙe. Na rubuta yara 37, kwana 60, zuwan da zai yiwu 2,220, zuwan da aka yi 2,142. Zancen da'irori ban sa ba, don ban ƙirga ba, wa ke da lokacin bin da'ira ɗaya-ɗaya? Sakin layin da ta yi maganar masu shigowa da masu fita kuwa na karanta shi da idona, amma hankalina yana kan yadda tawa za ta fi tata kyau.

Ranar Asabar aka yi taron iyaye, kowane malami a ajinsa. Na sa sabon mayafi. Iyaye suka cika bencinan yara, gwiwoyinsu na dukan tebur, kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya dubi garkuwa. Ina cikin jawabi wani mutum ya ɗaga hannu daga baya. Tela ne, shagonsa na bakin titin da muke bi, mutum mai sanyin magana, tef ɗin awo ma yana rataye a wuyansa ya manta bai cire ba. Tagwaye gare shi, ɗaya a ajina ɗaya a ajin Auta, saboda haka takardu biyu suka shiga gidansa. Ga su nan a hannunsa, ya haɗa su da allura.

Ya ce, "Malama, ranki ya daɗe, tambaya ce ba gardama ba. Yaran nan uku na masu aikin gada, ai a ajin nan suke, ko? Ni na ɗinka musu kayan makaranta."

Na ce, "Sun tafi."

Ya ce, "Na sani. To kwanakin da suka zo kafin su tafi, suna cikin dubu biyu da ɗari da arba'in da biyun nan?"

Na ce suna ciki mana, ai sun zo.

Ya ce, "Yawwa. To na ga a wajen ninkawa talatin da bakwai kika sa, babu su. Ni dai a aikina, in na ƙirga rigunan mutum arba'in, ba zan auna su da yadin mutum talatin da bakwai ba. Takardar ɗaya malamar ta ce wanda ya tafi a ƙirga masa kwanakin da ya yi. Uku sau arba'in, ɗari da ashirin. In aka ƙara, 2,340 ke nan. Na gwada a bayan takardar, sai na ga 91 da rabi. Ko ni ne ban gane ba?"

Ta saman bango ina jin muryar Auta tana yi wa nata iyayen bayani a hankali, har wani ya yi dariya. Na ce wa Tela kowane malami da tsarinsa, kuma za a duba. Ya ce, "To, Malama, Allah ya ba da haƙuri," ya zauna yana naɗe takardunsa. Wata mata a benci na biyu ta juya ta dubi saman ƙofa, ta sake dubana.

Da suka watse na rufe ƙofa na buɗe rajista. Na bi da'irori da bakin biro, shafi bayan shafi. 198. In lissafina daidai ne, 78 ya kamata in samu. Na haɗa 198 da 2,142, ga 2,340 ta fito tana kallona. Na raba da kaina, 91.5. Maki ɗaya cur ƙasa da Auta.

Ban tsaya tunani ba na faɗa ajinta. Tana tattara alli a gwangwani.

Na ce, "Kin ji daɗi? Ke kika turo shi, ko?"

Ta ce, "Wa, Yaya?"

Na ce, "Kar ki raina mini hankali. Wannan layin na masu shigowa da masu fita, don ni kika rubuta shi. Sau ɗaya tak na samu abu a makarantar nan, shi ma ya tsone miki ido."

Ta ajiye gwangwanin. Ta ce, "Layin nan yana cikin takardata duk zango, shekara uku ke nan. Kin san ranar da na fara sa shi?"

Na ce ban sani ba, ban kuma damu ba.

Ta ce, "Zangon da aka rushe makarantar bayan kasuwa aka kawo miki yara biyar. Na ci garkuwa da 93, ke aka karanta miki 85. Na san ajinki ya fi haka, don ina jin kiran sunanki ta bango. Na zo har gida na ce ki ba ni rajistarki mu duba tare. Kin tuna abin da kika ce mini?"

Na tuna. A gaban Inna na ce mata ni na koya mata riƙe alli, ba a haifi ranar da za ta duba mini aiki ba, ta ɗauki katakonta ta ƙara gaba.

Ta ce, "Na rasa yadda zan gaya miki ki ji. Sai na riƙa rubutawa, ko wata rana za ki karanta. Wannan karon ma na so in yi magana, na ga yadda kika hau bencin nan, bakina ya mutu."

Na fita. Na karɓi makullin sito wajen maigadi. Tsofaffin rajistu suna can a ɗaure da igiya, shekara-shekara, ƙarƙashin karyayyun kujeru. Na zauna a kan bokitin fenti na nemo tawa ta wancan zango. Shi ma kwana sittin ne. Yara talatin da shida tun farko, biyar sun shigo saura kwana goma sha biyar. Ni kuwa na ninka arba'in da ɗaya da sittin, na ɗora wa yaran nan biyar fashin kwana arba'in da biyar kowannensu, alhali a lokacin suna wata makarantar. Jimillar zuwa 2,101 ce, na raba ta da 2,460 na samu 85. Na sake yi yadda takardarta ta ce: 2,160 da 75, wato 2,235. Kashi 94.

Na ci garkuwar nan shekara uku da suka wuce. Da hannuna na miƙa mata, sannan na yi zango guda ina wuce ƙofarta ina jin zafin ta ƙwace mini. Na zauna a siton nan na yi kuka, kuma ko a cikin kukan haushinta nake ji, don ita ta gani tun a lokacin ni ban gani ba.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Na ajiye wa Hedimasta rajistar da lissafin da na gyara. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce shi ma da laifinsa, tun da karɓa kawai yake yi. Ya ce ko a bari sai zango mai zuwa, kar a tada magana. Na ce Tela ya riga ya tada ta, kuma akwai iyaye talatin da suka ji. Rajistar shekara uku da suka wuce kuwa ban nuna masa ba. Wannan tsakanina da siton ne.

Na hau benci na sauke garkuwar, yarana suna kallo. Na kai ƙofar Auta. Ta fito da alli a hannu, ta dubi katakon, ta dubi ƙusarta can sama, ta ce, "Yaya, ai ko na hau benci ba na kaiwa. Da ma maigadi ke rataya mini."

Ni na rataya mata, karo na shida. Ta riƙe mini bencin da hannu biyu don kar ya goce.

Yanzu ni ma duk zango ina aika wa iyaye takarda, da da'irori da komai, kuma kafin a buga sai na tura yaro ya kai mata ta duba. Tana dawo mini da ita ba ko ɗigon jan biro, sai dai wani lokaci ta sa ɗan fensir a gefe, mara nauyi, yadda zan iya gogewa. Shekaranjiya a bakin get wata uwa ta tsayar da ni ta ce takardata ta yi kyau ƙwarai, ta fahimci komai. Na fara murmushi ke nan ta ƙara da cewa, "Ai da gani, Malama Dalla-dalla ce ta koya miki."

Na buɗe baki zan gaya mata wanda ya koya wa wani riƙe alli. Sai na ce mata, "Ita ce."